Yadda Ake Saita Wayar Android Don A Nemo Ta, A Kulle Ta Ko A Goge Ta Daga Nesa

Kusan duk wanda ya zo mini a firgice wayarsa ta faɗi a Keke tsakanin PZ da Samaru, a wuri ɗaya muke tsayawa: bai san kalmar sirrin Gmail ɗinsa ba. Mai shagon da ya sayar masa da wayar ne ya buɗe masa, shi kuma bai taɓa tambaya ba. To daga nan za ka fara, tun wayar tana hannunka.

Shiga Settings, ka taɓa Google, sai Manage your Google Account, sannan Security. Ka canza kalmar sirrin zuwa wadda kai kaɗai ka sani, in an tambaye ka tsohuwar kuma ba ka san ta ba, ka taɓa Forgot password. A shafin nan, idan 2-Step Verification a kunne yake, ka nemi Backup codes. Lambobi 10 ne za su fito, kowace sau ɗaya take aiki. Rubuta su a takarda ka ajiye a gida, kada ka ɗauki hotonsu a wayar. Dalili kuwa, ran da ka ari wayar wani za ka shiga, Google zai tura lambar tabbatarwa zuwa wayar da ta ɓace, sai ka sa ɗaya daga cikin lambobin takardar a madadinta. Wani ƙanena haka ya wuni yana kallon allo, kalmar sirrin daidai, amma lambar tana can aljihun wanda ya tsinci wayar.

Sannan ka koma Settings ka nemi Find Hub, a wasu wayoyin Find My Device ake kiransa, ka kunna. Kunna Location ma, ka bar shi haka. Na san ana kashe shi don tsimin caji, amma ɗan cajin nan bai kai kuɗin waya ba. Makullin allo kuma ni PIN mai lamba 6 nake sa wa mutane, zanen nan na yatsa maiƙonsa yana zama a gilashi.

Yanzu gwada. Ari wayar wani ka buɗe android.com/find, ka shiga da Gmail ɗinka, ka taɓa Play sound. Idan wayarka ta yi ƙara ko da an sa ta a silent, aiki ya yi, za ta kai minti 5 tana yi.

Ran da ta ɓace, ka koma android.com/find, Secure device za ka fara taɓawa, ko Mark as lost in shi ka gani, ka rubuta lambar wani ɗan'uwa ta fito a allon. Gogewa, wato Factory reset, ita ce ta ƙarshe, domin bayanta ba za ka ƙara ganin wayar a taswira ba, kuma mai yiwuwa ba ta shafi memori ba. Idan babu data, umarnin zai jira har ta hau intanet. Layinka kuma wannan bai kare shi ba, sai ka sa masa PIN tun yanzu, in ya tafi ka kira kamfanin su rufe shi, ka sanar da bankinka.