Sanarwar sabunta kwamfutocin ofis: inda ake kuskure kafin a goge faifai

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ofisoshi da yawa a Legas suka shiga mayar da kwamfutocinsu kan Windows 11. Kafin ranar aikin, jami'in kula da kwamfutoci yakan tura saƙo ta imel ko ta zauren WhatsApp na ma'aikata, kuma kusan kullum ga abin da yake cewa: "Za a yi aikin sabuntawa ranar Asabar. Kowa ya ajiye muhimman fayilolinsa." Shi ke nan. Ranar Litinin kuma sai a ga layi a bakin teburinsa, wannan na neman imel ɗin bara, wancan na neman takardar da ya rantse ya kwafa.

Kuskuren farko na mai rubuta sanarwar ne, domin bai faɗi irin aikin da za a yi ba. Hanya biyu ce. Akwai sabuntawa a kan tsarin da yake nan, inda ake zaɓar `Keep personal files and apps`, fayiloli da manhajoji su zauna yadda suke. A wannan hanyar Windows yakan ajiye tsohon tsarin a foldar `Windows.old`, kuma ana da kwana 10 na komawa baya ta `Go back` idan abin bai yi daɗi ba. Akwai kuma goge faifan gaba ɗaya a zuba sabon tsari, ko a sauya wa mutum kwamfutar ɗungurungum saboda tsohuwar ba ta da TPM 2.0, wani sashen tsaro na cikin kwamfuta da Windows 11 ke buƙata. A wannan hanyar ta biyu babu komawa baya. Ma'aikacin da ya ji kalmar sabuntawa kawai zai ɗauka irin wadda wayarsa ke yi da daddare ce, ya tashi da safe ya tarar da komai na nan. Gyaran shi ne layin farko na sanarwar ya fito ƙarara: "Za a goge duk abin da ke cikin kwamfutarka. Abin da ba ka kwafa ba kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis ya tafi." Ko da hanyar farko za a bi, a ce su kwafa. Wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki, janareta ya ƙi tashi, batirin tsohuwar kwamfuta kuma ba ya riƙe minti biyar.

Sai maganar "muhimman fayiloli". Idan ka ce wa akanta ya ajiye muhimman fayilolinsa, foldar `Documents` zai kwafa, ya rufe ido ya yi barci. Alhali rabin aikinsa ba a can yake ba. Takardun banki da rasitan da yake saukewa kullum suna cikin `Downloads`. Jadawalin albashin da yake gyarawa yana kan `Desktop`. A ofisoshin da ke amfani da OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, kuma akwai wani tarko: ajiyar foldoji ta OneDrive takan ɗauki `Desktop` da `Documents` da `Pictures`, amma ba ta taɓa `Downloads` sai in mutum ya kwashe abin da ke ciki da hannunsa. Don haka sanarwa mai kyau tana kiran kowace folda da sunan da ake gani a allo, ta kuma tuna da abin da ba ya kama da fayil a idon ma'aikaci: shafukan da ya ajiye a Chrome, da sa hannunsa na ƙasan imel, wanda tsohon Outlook ke ajiyewa a nan:

```
%appdata%\Microsoft\Signatures
```

Inda aka fi kuka shi ne imel, don haka bari in ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe. A ce kamfanin dakon kaya ne a Apapa, ma'aikata goma sha biyu, kuma Hajiya mai kula da kuɗi ta shekara bakwai tana aiki da Outlook. Tambayar da ya kamata jami'in ya fara yi ita ce yadda aka haɗa akwatin imel ɗinta. Idan ta IMAP ne ko Exchange, saƙonnin suna kan sabar, abin da ke cikin kwamfutar kwafi ne kawai mai ƙarshen suna `.ost`, kuma zai sake saukowa da kansa bayan an gama. Idan kuwa ta POP ne, ko ta saba kwashe tsofaffin saƙonni zuwa ma'ajiya don akwatin ya daina cika, to saƙonnin suna cikin fayil mai ƙarshen suna `.pst`, kuma mai yiwuwa babu su a ko'ina a duniya sai a wannan faifan. Yawanci yana cikin `Documents\Outlook Files`, amma a tsofaffin kwamfutoci yakan ɓuya a nan:

```
%localappdata%\Microsoft\Outlook
```

Kada a yi hasashe. A cikin Outlook a shiga `File`, sai `Account Settings`, a sake zaɓar `Account Settings`, sai `Data Files`, a can Outlook zai nuna kowane fayil da wurin da yake.

To, a ce an samo na Hajiya, nauyinsa gigabait 6. Ta cusa filashinta mai gigabait 32, ta ja fayil ɗin, sai allo ya ce ya yi wa wurin girma. Ta duba, filashin kusan babu komai a ciki. Matsalar ba ta wuri ba ce: filashi da yawa suna zuwa daga kasuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4. Sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, kuma yin hakan ta `Format` yana share abin da ke cikinsa, don haka a fara kwashe shi tukuna. Ta sake gwadawa, yanzu kuma ya ce wata manhaja na riƙe da fayil ɗin. Outlook ne a buɗe. Dole a rufe shi gaba ɗaya kafin a kwafa. Abin takaici, mutum mai sauri yakan danna `Skip` a daidai nan, sauran fayiloli su wuce, ya ga layin ya cika ya ɗauka komai ya shiga. Wanda ya fi kowanne muhimmanci shi aka tsallake.

"Malam, ai na kwafa, da idona na ga ya gama," in ji ta ranar Litinin. Gaskiya ta faɗa, ta ga ya gama. Abin da sanarwar ba ta gaya mata ba shi ne yadda za ta tabbatar.

Tabbatarwar ba ta cin minti uku. A danna dama a kan foldar asali, a zaɓi `Properties`, a rubuta abin da ke gaban `Size` da adadin fayilolin da ke gaban `Contains`. A yi haka ga kwafin. Idan asalin ya ce fayil 2,140 kwafin ya ce 2,139, akwai wanda aka bari, kuma a misalinmu bambancin nauyin zai kai gigabait 6, ba ya ɓoyuwa. Sannan a cire filashin, a kai shi wata kwamfutar, a buɗe fayil biyu ko uku. Nan ne ake kama wani kuskuren da ya yi yawa: kwafar gumakan `Desktop` masu ƙaramar kibiya a kusurwa. Waɗannan alamun hanya ne kawai, nauyinsu kilobait ɗaya ko biyu, kuma da zarar an goge faifan, abin da suke nunawa ya tafi. Idan foldar da ka shekara kana aiki a cikinta ta kwafu cikin ƙiftawar ido, ka yi zargi.

Ni a ganina ma bai kamata sanarwar ta bar mutane da filashinsu na gida ba. Bayanan abokan ciniki da albashin ma'aikata ne za su shiga aljihu su hau danfo, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane da ta ɗora wa kamfani alhakin irin waɗannan bayanai. Ga kuma ƙwayar cuta da filashin ke kwasowa daga shagon buga takardu. Ya fi kyau jami'in ya buɗe wa kowa folda da sunansa a sabar ofis ko a babban faifan ajiya na kamfani, ya rubuta adireshinta a cikin sanarwar. Haka ma kalmomin sirrin da Chrome ya riƙe wa mutum: fitar da su yana samar da fayil ɗin `.csv` da kowa zai iya buɗewa ya karanta. Gara a ce kowa ya gwada shiga shafin banki da na haraji da kansa tun kafin ranar, ya sabunta wadda ya manta.

Lokaci ma ana yawan ɓata shi. Sanarwa takan ba da ranar aikin, ta manta da ranar da ma'aikata za su gama nasu, sai kowa ya bari sai la'asar ɗin Juma'a. A Legas kuwa wannan shi ne mafi munin lokaci. An tafi masallaci an dawo, mai komawa Agege ko Mile 12 idonsa na kan agogo don ya riga cunkoso, sai ya ja foldoji ya zuba a OneDrive ya rufe kwamfuta. A yi lissafi: gigabait 6 a kan layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa yana cin kusan minti 80, wannan idan shi kaɗai ne a kan layin. Mutum goma sha biyu a lokaci guda, har a yi isha'i ba a gama ba. Fayil ɗin da ke da alamar kibiyoyi masu juyawa bai isa can ba tukuna. Sai an ga koren alamar daidai ko shuɗin gajimare, kuma mafi tabbaci a shiga OneDrive ta burauza a gan shi a can. Saboda haka a fitar da sanarwar da mako guda aƙalla, a sa wa'adin ma'aikata ranar Alhamis da rana, a bar Juma'a don zagayawa a duba. A kauce wa makon ƙarshen wata, lokacin da ofishin kuɗi ke haɗa albashi. Direbobi da masu aiki a tashar jiragen ruwa da ba su cika buɗe imel ba, a kira su a waya, kuma a faɗa musu ranar da za su kawo kwamfutocin hannunsu tare da caja.

Idan an haɗa waɗannan, sanarwar za ta yi kama da haka:

"Salamu alaikum. Ranar Asabar daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma za a goge kwamfutocin ofis a zuba Windows 11. Duk abin da ke cikinsu zai tafi. Kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis, kowa ya kwafi `Desktop` da `Documents` da `Downloads` da `Pictures` zuwa foldar da ke da sunansa a sabar ofis. Kada a yi amfani da filashin gida. A rufe Outlook kafin a fara. Wanda ya san yana da tsofaffin imel a ma'ajiya, ya kira ni mu duba tare. Bayan an kwafa, a gwada adadin fayiloli ta `Properties`, sannan a turo mini saƙon 'na gama'. Kwamfutar da ban samu saƙon mai ita ba, ba zan taɓa ta ranar Asabar ba, za ta jira zagaye na biyu."

Layin ƙarshen nan yana buƙatar amincewar shugaban ofis tun kafin a tura, domin ranar Juma'a jami'in zai zagaya da jerin sunaye, kuma sau da yawa wanda bai turo saƙon ba shi ne Oga da kansa.