Darasi: Akanta Mai Komawa Aikin Lafiyar Al'umma, Yadda Zai Gyara Bayanin Kansa a LinkedIn

A shafin kowane mutum na LinkedIn akwai wani fili mai suna About, inda mutum yake bayyana ko shi wane ne a fagen aiki. Filin yana ɗaukar haruffa har 2,600, amma mai karatu layi biyu ko uku na farko kawai yake gani, sauran kuwa sai ya taɓa see more. Mai neman ma'aikata a gaggauce yake, don haka darasinmu na yau kusan duk a kan waɗannan layuka uku zai tsaya.

Mu ɗauki misalin wani akanta da ya yi shekara 12 a kamfanin sarrafa kaya, yanzu kuma yana so ya koma ƙungiyar da ke aikin rigakafi. Ga abin da ya fara rubutawa:

"Ni akanta ne mai ƙwazo da riƙon amana. Na ƙware a harkar haraji da rufe lissafin ƙarshen wata. Ina sha'awar taimakon al'umma."

Babu ƙarya a ciki, amma ba zai kai shi ko'ina ba. Ƙwazo da amana kowa yana cewa yana da su. Haraji kuwa ba shi ne abin da ke hana shugabar shirin rigakafi barci ba.

To mene ne ke hana ta barci? Shirye-shiryen lafiya da yawa da kuɗin tallafi suke tafiya, irin na Gavi, mai tallafa wa rigakafi, ko Global Fund, mai yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Irin wannan kuɗi da sharaɗi yake zuwa. Wanda aka ware don sayen firjin ajiye allura ba a juya shi zuwa alawus sai da izinin mai bayarwa. Idan masu binciken kuɗi suka zo suka tarar da kashewar da babu rasit, ana iya cewa a mayar da kuɗin. Idan kuma shekara ta ƙare ba a kashe abin da aka tsara ba, sai an yi bayanin dalili. Akantanmu ya san wannan aiki ciki da bai, suna ne kawai ya bambanta. A kamfani yakan lissafa abin da aka kashe kan kowane kwali. A nan za a tambaye shi nawa aka kashe kan kowane yaro da aka yi wa allura. Lissafin ɗaya ne: jimillar kuɗi a raba da adadi.

Ga gyaran da ya yi:

"Akanta ne ni mai shekara 12 a tsara kasafi da bin diddigin kashe kuɗi, yanzu ina komawa harkar kuɗin shirye-shiryen lafiya. Na riƙe kasafin rassa huɗu, ina kwatanta abin da aka tsara da abin da aka kashe duk wata, kuma sau shida ina shirya takardun binciken kuɗi na shekara. Ina neman aikin kula da kuɗin tallafi a shirin rigakafi."

Ku lura, jimlar farko ta faɗi inda ya fito da inda ya dosa. Ta biyu ta kawo abin da za a iya ƙirgawa. Ta uku ta ambaci aikin da yake nema da sunansa. Bai ɓoye shekarunsa na kamfani ba, domin su ne jarinsa.

Akwai tarko guda da masu sauya aiki kan faɗa. Mutum ya yi kwas na mako shida, sai ya kira kansa ƙwararre a lafiyar al'umma. Ranar ganawa tambaya ɗaya za ta tona shi, kamar a ce ya bambanta adadin sababbin masu kamuwa da cuta da adadin duk masu ɗauke da ita. Idan kuna karatun digirin MPH, wato digiri na biyu a lafiyar al'umma, ku ce kuna kan yi, ku sa shekarar da za ku gama. Dalilin sauya aikin kuma jimla ɗaya ta ishe shi, a ƙasa, bayan see more.

Idan tallan aikin da Turanci yake, da Turanci za ku rubuta, kuma ku ɗauko kalmominsa yadda suke, kamar grants management ko health financing, domin su ne masu neman ma'aikata suke bugawa a wurin bincike. Amma kada ku sa adadin kuɗin kamfaninku idan sirri ne. Yawan rassa ko ma'aikata ya wadatar. Wanda bai so a wurin aikinsa a ji labari tukuna, idan ya kunna Open to work, alamar da ke nuna yana neman aiki, sai ya zaɓi Recruiters only, wato masu neman ma'aikata kaɗai su gani, ko da yake wannan ma ba ya rufe asiri ɗari bisa ɗari.

Aikin gida: ku nemo tallan aiki uku na kula da kuɗi a shirin lafiya, ku ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka fito a dukkansu. Ku rubuta jimloli ukunku a takarda, sannan ku sa su a shafin, ku buɗe a waya ku ga a ina rubutun ya yanke.