Kalma ɗaya, fassara uku: yadda na gyara taƙaitaccen bayanin kundi

Wata ɗaliba ta kawo mini taƙaitaccen bayanin kundin digirinta na biyu a fannin nahawun Larabci, na mayar mata Turanci. Na gama na tura, malaminta ya dawo da shi da jan biro, ya ce kamar mutum uku ne suka rubuta.

Da na sake dubawa sai na ga gaskiyarsa. Kalmar المنهج wato hanyar bincike, ta fito sau uku, na fassara ta "method", "approach" da "methodology", don gudun maimaici. A Larabci canza lafazi ado ne, amma mai karanta Turancin ilimi yana ɗauka abubuwa uku ake nufi. Sai na ɗauki takarda na ja layi biyu, Larabci a dama, Turanci a hagu, kowace kalma da abokiyarta guda tak. المنهج الوصفي التحليلي ya zama "descriptive-analytical method" ko'ina. النتائج kuma, wato sakamakon bincike, na bar shi "findings", ba "results" ba, domin ba gwaji ɗalibar ta yi ba, nassoshi ta bi.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce النظم ta Abdulƙahir al-Jurjani, masanin balagar Larabci. Da farko na sa "poetry", abin kunya, alhali shi tsarin kalmomi bisa ma'anonin nahawu yake nufi. Na rubuta "nazm" yadda take, da gajeren bayani a fitowarta ta farko, daga nan ban ƙara taɓa ta ba.

Malamin ya sa hannu washegari.