Gatse a adabi: inda ɗalibai da sababbin marubuta suka fi tuntuɓe

Ɗalibin da ya tashi a Makka ko Jidda ya yi karatunsa da Larabci yakan gamu da wannan darasi da sunan mufaraƙa, a ajin balaga kuma ya ji tahakkum. A gida kuwa tun yana rarrafe yake jin gatse daga bakin mahaifiyarsa. Dukkansu a kan ginshiƙi guda suke tsaye: akwai tazara tsakanin abin da ya bayyana da abin da yake na gaskiya, kuma akwai wanda yake ganin tazarar. Tazarar tana iya zama a cikin magana, ko a cikin yadda lamari ya juya, ko tsakanin abin da mai kallo ya sani da abin da ɗan wasa ya sani. Yawancin kurakuran da ake gani a takardun ɗalibai da gajerun labarai daga rashin tambaya ɗaya suke fitowa: wa ya san gaskiyar, kuma tun yaushe ya sani?

Cakuɗa gatse da habaici da ƙarya

Yaro ya ɗauki finjalin gahawa yana wasa da shi a bakin tabarma, uwa ta dube shi ta ce, "Fasa shi mana, ai a titi muka tsince shi." Wannan gatse ne tsantsa. An san da wa ake, amma ma'anar ce a kife: tana nufin ya ajiye. Habaici akasin haka yake aiki. Mace ta ce a gaban maƙwabciyarta, "Wasu dai ba su san a mayar da abin aro ba." Ma'anar a miƙe take, wanda ake nufi ne aka sakaya. Zambo kuma ba ya ɓoye komai, kai tsaye yake muzanta mutum. Ɗalibi yakan ga duk maganar da ke da ɗaci ya rubuta "gatse", malami ya soke. Gwajin mai sauƙi ne: juya jimlar zuwa kishiyarta. In kishiyar ce manufar mai magana, gatse ne. In jimlar tana nan yadda take, kana dai neman wanda aka jefa da ita, habaici ne.

Bambancinsa da ƙarya kuwa a niyya yake. Maƙaryaci yana so ka yarda da lafazinsa, mai gatse yana so ka gane bai nufi lafazin ba. Shi ya sa malaman balaga suke kawo misali da aya ta 49 ta Suratud Dukhan, inda aka ce wa wanda ake azabtarwa ya ɗanɗana, ai shi ne mabuwayi mai daraja. Babu mai karatun da zai ɗauka yabo ne, domin ayoyin da suka gabata sun riga sun nuna halin da yake ciki.

Rubuta gatse ba tare da alama ba

A baki, murya da harara suna ɗauke rabin aikin. A takarda babu su. Marubuci ya rubuta: Yaya ya ce, "Lallai ka zo da wuri." Mai karatu ba shi da dalilin da zai ƙi yarda. Gyaran shi ne a ajiye gaskiyar kafin gatsen, abin da ake kira ƙarina a balaga. A nuna an yi alkawarin haɗuwa bayan la'asar, a nuna shayin ya huce a cikin fulas, ana kiran sallar isha sai ga ƙanen ya shigo. Yanzu "Lallai ka zo da wuri" ba ta bukatar ƙarin bayani.

Wasu kuma suna wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su rubuta "ya faɗa cikin gatse" bayan kowace jimla. Sau ɗaya a labari ba laifi. In ya yawaita, alama ce cewa yanayin bai yi aikinsa ba, ana tallafa masa da sanda.

Akwai kuma batun wa yake yi wa wa. Gatse yana gangarowa daga babba zuwa ƙarami, ko ya gudana tsakanin sa'o'i, taubasai, da jika da kaka. In ka sa ɗa ya yi wa mahaifinsa gatse a gaban baƙi, mai karatu Bahaushe ba zai ga yaro mai wayo ba, zai ga marar tarbiyya. In abin da kake nufi ke nan, to madalla. In ba shi ba ne, ka ɓata ɗan wasanka da jimla guda.

Kiran kowace rashin sa'a juyin lamari

An yi ruwan sama a Jidda ranar ɗaurin aure, hanya ta cika, baƙi suka makara. Wannan rashin sa'a ce kawai. Mutum biyu 'yan gari ɗaya sun haɗu a ɗawafi bayan shekaru, wannan dace ne. Kafin lamari ya zama gatse, dole sakamakon ya ci karo da abin da aka yi niyya ko abin da matsayin mutum ya sa ake tsammani. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ya yini yana gyara na mutane a watan Agusta, iyalinsa kuma suna kwana da mafici saboda tasu ta lalace, shi ne misalin. Haka wanda ya bar babban titi ya bi lungunan unguwar Hindawiyya don gudun cunkoso, ya tarar kowa dabarar da ya yi ke nan, har wanda ya bi titin ya riga shi isa. Karin magana ta daɗe da kama wannan: garin neman gira an rasa ido.

Gatsen wasan kwaikwayo, inda aka fi ɓata aiki

A nan mai kallo ko mai karatu ya san wani abu da ɗan wasa bai sani ba, saboda haka duk maganar ɗan wasan tana da ma'ana biyu, ɗaya a wajensa, ɗaya a wajenmu. Shi bai yi gatse ba ko kaɗan, da zuciya ɗaya yake magana. Ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, gaskiya ce ba ƙirƙira ba, amma tsarin sanin da ke cikinta ya fi kowane misali fitowa fili. A aya ta 58 ta Suratu Yusuf 'yan'uwansa sun shiga wajensa, ya gane su, su ba su gane shi ba. Daga nan mai karatu yana tare da shi. Da suka ce a aya ta 77, in ƙaraminsu ya yi sata ai wani ɗan'uwansa ma ya taɓa yi, nauyin maganar ya zo ne daga sanin cewa wanda suke zargi shi ne a gabansu. Sai a aya ta 90 suka tambaya ko shi ne Yusuf.

Ga ƙaramin labari a gwada da shi. Gida ne a Makka. Da azahar uba yana barci, babban ɗansa ya ɗauki makullin mota ya fita sayo tamis da ful, wajen juyawa ya goge ƙofar baya da bango. Ya mayar da motar inda take, ya rataye makullin. Bayan magariba uba ya ga ƙujewar, ya ɗora laifin a kan yaran maƙwabta masu keke. Ana cin abinci ya ce, "'Ya'yan yanzu ba amana. Ni dai na gode wa Allah, nawa ko makulli na bari a gabansa ba ya kallo." Ya juya ga ɗan ya ce, "Gobe kai za ka raka ni gidansu, ka faɗi abin da ka gani." Yaron ya ce, "To, Abba," lomar da ke hannunsa ta kasa kaiwa baki.

Kuskure na farko shi ne a ɓoye wa mai karatu fitar azahar ɗin, a ajiye ta zuwa ƙarshe. Marubuci yana ganin ya yi dabara, amma ya sauya nau'in labarin. Abin da ya samu mamaki ne na layi ɗaya, ya kuma yi asarar dukan zaman cin abincin, domin maganar uban ta koma yabo na yau da kullum. Dole mu ga yaron yana rataye makullin kafin uban ya buɗe baki. Kuma mu gani da ido, ba a taƙaice mana ba.

Na biyu shi ne a mayar da uban wawa. In fentin bangon gidansu yana manne a jikin ƙofar, kujerar direba kuma an matso da ita gaba, ya duba bai gane ba, mai karatu zai daina tausaya masa ya fara jin haushinsa. Rashin saninsa yana bukatar dalili mai kama hankali: yana barci lokacin, yaran maƙwabta sun taɓa goge motar da keke, ɗan kuma bai taɓa yin irin wannan ba. Hukuncinsa daidai yake bisa abin da ke hannunsa, abu ɗaya kawai ya kuɓuce masa.

Na uku ya fi yawa a labaran da ake rubutawa kashi-kashi: mai ba da labari ya kutso ya ce, "Bai sani ba, ashe mai laifin yana zaune kusa da shi." Mun riga mun sani. Daɗin wannan salo shi ne mai karatu ya haɗa biyun da kansa, in ka haɗa masa ka ƙwace masa rabonsa. Lomar da ta tsaya a hannu ta isa. In ana so a ƙara, a sa uwa, wadda ta ji ƙarar mota da azahar, ta ɗago ta dubi ɗanta ta miƙa masa ruwa ba ta ce komai ba. Yanzu masu sani sun zama uku, mu da yaron da ita, uban shi kaɗai a duhu.

Sai yawa da tsawo. Jimla biyu ko uku masu harshen damo sun wadatar a zama guda, kuma kowace ta fi ta baya matsi. A misalinmu ta farko yabo ce, ta biyu ta tura yaron ya ba da shaidar zur a kan wanda bai ji ba bai gani ba. In uban ya maimaita yabon sau biyar ba tare da komai ya ƙaru ba, abin ya koma wasan ban dariya ko da ba a yi niyya ba. Sanin kuma bashi ne, sai an biya. Ko yaron ya amsa laifi a ƙofar maƙwabta, ko ƙaramar ƙanwa ta tambaya a gaban kowa ina tamis ɗin da Yaya ya sayo da mota, ko a rufe labarin uban bai sani ba har abada, amma ya kasance marubuci ne ya zaɓi hakan, ba mantawa ya yi ba.

Wanda aka ba irin wannan nassi a jarrabawa kada ya tsaya a "akwai gatsen wasan kwaikwayo a nan", maki kaɗan ake samu da ita. Ya kawo jimlar uban daidai yadda take, ya faɗi abin da uban yake nufi, ya faɗi abin da mai karatu ya sani da wurin da aka sanar da shi, sannan ya ce me tazarar ta haifar: dariya, fargaba, ko tausayi. A labarin motar fargaba ce ta fi ƙarfi, domin akwai yaron maƙwabta da za a tsayar gobe a gaban iyayensa.