Yadda ake cike ko nuna giɓin kwanaki kafin a fitar da matsakaici

Yawancin masu koyon aikin alƙaluma da na gani, da zarar an turo musu rahoton kullum sai su zuba shi a Excel, su ja matsakaicin layuka bakwai, su zana jadawali. Ba sa tsayawa su duba ko layukan nan bakwai kwana bakwai ne. Idan mai turo rahoton ya tsallake kwana biyu, layuka bakwai sun zama kwana tara, amma rubutun saman jadawalin yana nan yana cewa mako guda.

Bari mu ɗauki misalin ƙaramin asibiti da ke turo yawan masu zazzaɓin cizon sauro kowace rana a damina. A ce Litinin 42, Talata 38, Laraba da Alhamis shiru, Juma'a 40, Asabar 44, Lahadi 36.

Fara da gina kalandarka. Kada ka taɓa shafin da aka turo maka. Sa masa suna Asali ka bar shi yadda yake. A sabon shafi rubuta ranar farko a A2, ka sa `=A2+1` a A3, ka ja shi ƙasa har ranar ƙarshe. Sannan ka ɗauko alƙaluman zuwa B2:

```
=VLOOKUP(A2,Asali!A:B,2,FALSE)
```

Ranar da babu ita a rahoton za ta fito da `#N/A`. Masu koyo na ganin wannan sai hankalinsu ya tashi, su rufe shi da `IFERROR` ya koma sifili. To daga nan ɓarnar take farawa, domin `#N/A` ita ce shaidar giɓin. Ka kuma lura: idan ranar tana cikin rahoton amma akwatin adadin ba a rubuta komai ba, `VLOOKUP` sifili yake dawowa da shi ba tare da ya ce maka uffan ba. Saboda haka duk sifilin da ka gani, koma Asali ka tabbatar da hannu aka rubuta shi.

Dubi abin da sifilin ƙarya ke yi. Jimillar kwana biyar ɗin nan 200 ce. Raba ta biyar, 40. Sa sifili a Laraba da Alhamis ka raba bakwai, 28.6. Wanda ya kalli jadawalin zai ce zazzaɓi ya lafa, a rage odar magani, alhali wayar mai turo rahoto ce ta mutu.

Mataki na biyu shi ne wanda ake tsallakewa, kuma shi ne dukan aikin: ka gano wane irin giɓi ne. Wannan Excel ba zai gaya maka ba, sai ka kira mutumin da ke riƙe da rajista. Kiran minti biyu ne, kuɗin katinsa bai kai ɓarnar rahoto ɗaya ba.

Amsarsa ba ta wuce uku. Ko dai asibitin a rufe yake, hutun Sallah ko makamancinsa, ba a duba kowa ba. Sifilin gaskiya ne, ka rubuta shi, ka sa bayani a gefe cewa rufewa aka yi. Ko kuma an duba mutane amma rahoton bai zo ba. Idan rajistar takarda tana nan, a ƙirga a turo maka, wannan ya fi kowace dabara. Idan ta ɓata, giɓin ya zauna a giɓinsa.

Ta ukun ce mai kayar da mutane, har waɗanda suka iya aikin. An tara kwanakin da aka tsallake an zuba su a ranar da rahoto ya dawo. Wato Juma'a ta zo da 118 maimakon 40, domin ta ɗauko Laraba da Alhamis. Yanzu jimillar makon 278 ce. Idan ka bi ƙa'idar barin giɓi ka raba biyar, za ka samu 55.6, ka tada hankalin jama'a cewa annoba ta ɓarke. Daidai shi ne a raba bakwai, 39.7, tunda mutanen kwana bakwai ne duka suke cikin lissafin. Alamar da ake gane irin wannan: adadin da ya biyo bayan shirun yakan kusa ninka na kullum sau yawan kwanakin shirun da ƙarin ɗaya. Shiru kwana biyu, adadi ya ninka uku, ka yi zargi. Zargi na ce, sai an tabbatar maka.

In an tabbatar, raba 118 gida uku, 39.3 ga Laraba, Alhamis da Juma'a. Kada ka ce ai matsakaicin mako zai gyara kansa ko da ka bar sifili biyu da 118. Zai gyara ne kawai a ranakun da dukan ukun suke cikin bakwai ɗin. Ranar Alhamis layin zai nutse saboda 118 bai shigo ba tukuna, mako na zagayowa kuma ya yi tsalle idan sifilan suka fita suka bar 118 a ciki.

Duk adadin da ka sa da hannunka, ka yi masa alama. Ni a C nake rubuta ɗaya daga cikin kalmomi uku: gani, rabo, rufe. Canza launin akwati ba ya wadatarwa, ranar da aka fitar da fayil ɗin a CSV launi ya tafi. Ƙa'idata ce, ba na karɓar shafin da babu wannan alamar.

Sai matsakaicin kansa, a D8:

```
=IF(COUNT(B2:B8)>=5,AGGREGATE(1,6,B2:B8),NA())
```

`COUNT` lambobi kaɗai yake ƙirgawa, `AGGREGATE` da 1 da 6 kuma yana fitar da matsakaici ya tsallake `#N/A`. Idan kwanakin da ke hannu ba su kai biyar cikin bakwai ba, ba za a fitar da komai ba. Biyar ɗin zaɓina ne. Dalilinsa shi ne amfanin kwana bakwai a haɗa ranakun cunkoso da na sauƙi. Idan ranar kasuwar garin ce kullum take ɓacewa, ko da kana da shida matsakaicinka ya karkace. Duba wace rana ce giɓin ya fi faɗawa.

Farashi dabam yake da ƙirgen mutane. Buhun masara yana da kuɗinsa ko ka je kasuwa ko ba ka je ba, don haka sifili ba ya shiga nan sam, rabawa ma haka. Idan Talata 38,000 ne Juma'a 41,000, kana iya sa 39,000 da 40,000 a tsakani da alamar kintace. Ni ba na wuce kwana biyu. Maimaita farashin jiya har mako guda yana zana layi a miƙe, ya nuna kasuwa ta tsaya cik a lokacin da babu wanda ya je ya duba.

Layin alƙibla kuwa, wato mai nuna ko adadin hawa yake ko sauka, ka fitar da gangarensa daga ranakun da aka gani kaɗai, da ainihin kwanan wata: `=SLOPE(Asali!B2:B60,Asali!A2:A60)`. Adadin kintace daga maƙwabtansa aka haifo shi, sa shi cikin lissafi yana sa layin ya yi kamar ya fi dacewa fiye da yadda yake. Idan akwai tarin kwanaki irin 118, yi amfani da jimillar mako-mako.

A jadawali, shiga Select Data, sannan Hidden and Empty Cells, ka zaɓi Gaps. Sabon Excel yana da Show #N/A as empty cell, ka tabbatar an zaɓe shi. Tsohon yakan haɗa layin ta saman giɓin. Kada ka mayar da `#N/A` zuwa `""` don shafin ya yi kyau, jadawali zai zana shi a sifili. A ƙasan jadawalin rubuta kwana nawa aka rasa, da waɗanda ka raba, da ranakunsu.