Fassara Tambayar Lissafi Zuwa Hausa a Firamare: Wuraren da Ma'ana Take Zamewa

Yawancin littattafan lissafi da ke hannun malaman firamare a Jos da Turanci aka rubuta su, shi ya sa malami yakan tsaya gaban allo ya juya tambayar zuwa Hausa da ka. Lambobin ba su cika ɓata ba. Abin da ke zamewa shi ne alaƙar da ke tsakaninsu: wa ya fi wa, nawa ne na kowa, me aka raba, kuma kashi nawa. Saboda haka kafin a fassara ko kalma ɗaya, malami ya warware tambayar Turancin da kansa, ya rubuta lissafin a gefen takarda tare da sunan abin da amsar ta ƙirga. Da wannan layin zai auna Hausarsa daga baya.

Kuskuren da ya fi yawa yana cikin tambayoyin kwatanta abu biyu. A ɗauki wannan: wata mai tumatir a kasuwar Farin Gada, Ladi, tana da kwando 12, kuma nata sun ɗara na Talatu da kwando 5, ana neman na Talatu. Lissafin shi ne 12 − 5 = 7. Malamin da ke sauri sai ya ce: "Ladi tana da kwando 12. Talatu kuma, ta fi ta da 5." Wace ce ta fi? Dukansu mata ne, "ta" ɗin tana iya komawa kan kowacce, kuma kunnen yaro zai ɗora ta a kan sunan da ya ji a ƙarshe. Sai ka tarar da yara da yawa sun rubuta 17, alhali sun bi Hausar da aka ba su daidai. Maganin shi ne maimaita suna ko da jimlar ta yi nauyi: "Ladi ta fi Talatu da kwando 5." Wata dabarar ita ce a mayar da ɗayan namiji, domin "ya fi ta" ba ya rikita kowa, kuma sauya suna bai taɓa lissafin ba.

A nan ma akwai ƙaramar kalmar "da". "Ya fi Audu da lemo 5" ya faɗi bambanci tsaf. "Yana da fiye da lemo 5" bai faɗi komai tsayayye ba, zai iya zama 6 ko 60. Akwai kuma masu fassara kalmar fifiko ta Turanci da "ƙara", su ce "ta ƙara 5". Wannan ya mayar da kwatance ya zama labarin ƙari, kamar an kawo sababbin kwanduna, yaro kuwa da ya ji "ƙara" sai tarawa.

Sai abin da kowa ya samu. Bahaushe yana da hanya mai kyau ta faɗinsa, wato maimaita lamba: uku-uku, hamsin-hamsin. "Malam ya ba yara 4 fensir uku-uku" na nufin 4 × 3 = 12. In maimaicin ya faɗi, aka ce "ya ba yara 4 fensir 3", an koma fensir uku da yara huɗu za su yi rigima a kansu. A baki ba a cika mantawa ba, a rubuce ne matsalar take: mai rubutu ya sa 3 sau ɗaya, ko ya rubuta 3-3 wanda yaro zai karanta a matsayin ɗebewa ya samu sifiri. A takarda a rubuta "kowane yaro fensir 3", a wajen karantawa a ƙara da "uku-uku".

Rabawa tana da tarkon da duba amsa kawai ba ya kamawa. "Raba lemo 20 kashi 4" da "raba lemo 20 huɗu-huɗu" duk suna ba da 20 ÷ 4 = 5. Amma a na farko 5 ɗin lemo ne da ke cikin kowane kashi, a na biyu kuwa 5 ɗin yawan yaran da rabon ya isa ne. Malamin da ya musanya su zai ga lamba ta yi daidai ya wuce, alhali ya koyar da wata rabawar dabam da wadda darasin ya nufa. Dalilin rubuta sunan abin da amsar ta ƙirga ke nan tun farko: "lemo 5" ko "yara 5". A aji kuma a gwada da marfin kwalba 20 a kan tebur. Yadda yaro ya fara jera su, wuri huɗu ya ware ko huɗu-huɗu yake ɗiba, zai nuna Hausar da ya ji.

Kalmar "ninka" tana bukatar hattara. Musa yana da naira 60, Binta tana da sau uku na haka, amsa 180. In aka ce "ta ninka shi sau uku", wani yaron zai yi abin da ake yi wa zane: ya ninka 60 ya zama 120, ya sake 240, ya sake 480. "Ta fi shi sau uku" kuma wani zai ɗora 180 a kan 60 ya samu 240. Jimlar da ba ta da ƙofa biyu ita ce: "Kuɗin Binta daidai yake da kuɗin Musa sau 3."

Manyan lambobi a bar su da alƙaluma, a kuma rubuta su a allo kafin a furta. Dubu ɗari biyu 200,000 ne, dubu da ɗari biyu 1,200 ne, "da" guda ce tsakaninsu, kuma a aji mai hayaniya ba a jin ta. "Dubu ashirin da biyar" a kasuwa 25,000 ne, to yaya za a faɗi 20,005? Sai an ce "dubu ashirin da guda biyar".

Wani kuskuren daga kyakkyawar niyya yake fitowa, wato son tambaya ta yi kama da rayuwar yaro. Mayar da tuffa ta zama mangwaro ba laifi, duk ƙirga su ake yi. Mayar da kilo ya zama mudu laifi ne, domin kilo nauyi ne, mudu kuwa cikin kwano ne, kuma tambayar da za ta nemi a juya kilo 2 zuwa giram 2,000 ta mutu nan take. Haka farashi. Tsohon littafi ya ce burodi naira 50, yara su yi dariya, malam ya gyara zuwa 1,200, bai lura ya fitar da 'yan aji biyu daga lambobin da suka iya ba. A bar 50 ɗin, a sauya kayan: alewa ko ruwan leda.

A kula da Hausar wa ake yi. Ajin Jos yakan haɗa yaran Unguwar Rogo da 'ya'yan Birom da Afizere da Ngas waɗanda Hausarsu ta kasuwa da wasa ce. "Sulusi" da "rubu'i" sanannu ne ga wanda ya yi Islamiyya, sauran sai "kashi ɗaya cikin uku" da "kwata". A zaɓi kalma ɗaya a riƙe ta har ƙarshen zango. Kada kuma a saka sunan aikin cikin tambaya: in Turancin ya tambayi nawa ne duka, Hausar ta ce "nawa ne gaba ɗaya", ba "tara su ka faɗi" ba, don gano cewa tarawa ake bukata shi ne rabin abin da ake gwadawa.

Idan an gama, a miƙa Hausar kaɗai ga wani malami da bai ga Turancin ba, ya rubuta lissafin da ya fahimta da sunan abin da amsarsa ta ƙirga. In ya rubuta 12 + 5 inda takardarka ta ce 12 − 5, a koma kan jimlar kwatancen a duba wace "ta" ce ta ɓace.