Kurakuran da aka fi yi a wasiƙar shaidar neman tallafin karatu

Wani ƙaramin lakcara da muke koyarwa tare a nan Katsina ya shigo ofishina da takarda a hannu, ya ce, "Malam, don Allah a duba mini kafin in tura." Wasiƙar shaida ce ya rubuta wa ɗalibarsa, 'yar Daura, mai neman sikolashif na digiri na biyu. Abin da ke ciki, in an mayar da shi Hausa, shi ne yarinyar haziƙa ce, mai ladabi da biyayya, mai ƙwazo, kuma bai taɓa koyar da kamarta ba.

Na sa babban yatsa na rufe sunanta, na ce ya sake karantawa. Na tambaye shi ɗalibai nawa ne a ajin wannan wasiƙa za ta dace da su. Ya yi shiru, sannan ya ce kusan duka. Kuskure na farko ke nan, kuma shi ya fi yawa: a jero siffofi babu aiki ko ɗaya a bayansu. Mun saba da yabo irin na wurin neman aure, inda "yarinyar kirki ce" ya isa saboda an san mai faɗa. Kwamitin da zai karanta bai san ka ba, bai san ta ba, wasiƙu kuma tuli a gabansa.

Gyaran shi ne ka ja layi ƙarƙashin kowace kalmar yabo, ka tambaya: yaushe, a ina, me ta yi? Da na matsa masa a kan "ƙwazo", sai ga labari. A bincikenta na kammalawa ta ɗebo ruwan rijiyoyi 12 a unguwannin Daura. Sakamakon uku daga ciki ya saɓa wa sauran. Maimakon ta zubar da su ta yi shiru, sai ta koma Daura a motar haya, ta sake ɗebowa, ta gano kwalaben farko ne ba a wanke da kyau ba, ta kuma rubuta hakan a rahotonta. Na ce masa ai wasiƙar ke nan, ya bar ta a baki. Wannan labari ya nuna gaskiya da naci ba tare da an ambaci kalmomin ba. Siffar da ka rasa labarinta kuwa, goge ta.

Sai jumlar nan ta "ban taɓa koyar da kamarta ba". Na ce ya ɗauko takardar sakamakonta. Makinta 4.21 ne cikin 5.00. Daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, ita tana daraja ta biyu ta sama. Sakamako ne mai kyau, amma kwamiti zai ajiye takardun biyu gefe da gefe, kuma da zarar yabo ya wuce abin da maki ya nuna, sai a fara shakkar sauran wasiƙar, har da gaskiyar da ke ciki. Wannan yana ci mini rai, domin zuzutawar malami ce, yarinya kuma ita za ta biya. Muka buɗe rajistar makinsa, muka ga ita ce ta huɗu cikin ɗalibai 86 a darasinsa na aji uku. Haka muka rubuta, da sunan darasin da shekarar. In za ka kwatanta ɗalibi, faɗi da su wa, su nawa, a yaushe.

Akwai kuma darasi ɗaya a aji biyu da ta sha da ƙyar. Ya so a yi shiru a kai. Na ce ai suna gani. Jumla ɗaya ta isa: ta yi rauni a nan, shekara ta gaba kuma ta ci darasin da ke biye da shi da maki mafi girma. Dalilin raunin, in na gida ne ko na rashin lafiya, kada ka sa sai da izininta.

Bai ma faɗi yadda ya san ta ba. Wannan a layin farko ya kamata ya zo: ya koyar da ita darussa biyu, ya duba bincikenta. Kuma a karanta abin da masu tallafin ke nema. Chevening, sikolashif ɗin gwamnatin Birtaniya, alal misali, tana ɗora nauyi a kan jagoranci, don haka "biyayya" ba za ta amfane ta ba a can, amma darasin bita da ta shirya wa 'yan aji ɗaya kowace Asabar zai yi.

Kafin ya tashi muka bi harafin sunanta ɗaya bayan ɗaya da yadda yake a fasfonta. A sakin layi na uku muka tsinci kalmar namiji inda ya kamata a ce ita, ragowar tsohuwar wasiƙar wani ɗalibi da ya kwafo. Ya gyara, ya buga a takarda mai tambarin sashe, ya sa hannu da kwanan wata.